Wayar da na ɗauka bashi: yadda kuskure biya ɗaya ya hau kan na gaba

Ni tela ne a Kano, kuma rabin aikina ta waya yake shigowa. Mata su turo hoton ɗinkin da suke so ta WhatsApp, su turo awo, in na gama in ɗauki hoto in tura, su turo kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya. Da tsohuwar wayata ta fara mutuwa da kanta, kyamarar ta dushe har ba a bambance shuɗi da kore, dole ta sa na nemi wata. Tun bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023 farashin waya ya wuce inda mai sana'ar hannu zai zaro kuɗi ya biya a tashi ɗaya. Wadda ta dace da aikina naira 180,000 ce, abin da ke hannuna kuwa bai kai 60,000 ba.

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya san samari da 'yan matan nan da ke zaune a bakin manyan shaguna da rigar kamfani, suna cewa ɗauki yanzu ka biya daga baya. Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne, ba mai shago ne ke ba ka bashi ba. Mai shago a ranar yake karɓar kuɗinsa cif. Kamfanin ba da lamuni ne ke cika masa ragowar, kai kuma daga wannan lokaci kamfanin ne ke bin ka. Saboda haka duk sabon da ke tsakaninka da mai shago ba zai yi maka amfani ba ranar da ka makara, domin ba shi da ikon ɗaga maka ƙafa ko da kwana ɗaya ne.

Sai bayan 'yan watanni na fahimci nauyin wannan magana. A ranar da na je ɗaukar wayar dai, cikin watan Sha'aban, yarinyar da ke wakiltar kamfanin ta ce, "Malam, kawo BVN da NIN ɗinka, da katin cirar kuɗi, da lambar mutum biyu da suka san ka." Na ba ta lambar yayana da ta wani abokin sana'a. Ta ɗauki hotona riƙe da katin shaida, aka turo lambar sirri ta layina na karanta mata, ta kira yayana a gabana ta tambaye shi ko ya san ni da sana'ar da nake yi. Bai kai awa ɗaya ba aka amince. Na biya kafin alƙalami kashi 30 cikin 100, wato 54,000, ya rage 126,000 da za a raba wata shida. Kafin ta miƙo mini wayar sai da ta buɗe kwalin da kanta, ta haɗa ta da intanet, ta rubuta lambar IMEI, wadda kowa zai iya gani a wayarsa in ya danna *#06#, sannan ta kunna wata manhaja da ba ta goguwa. Wannan manhaja ita ce jinginar. Ba su karɓi takardar fili ko keken ɗinkina ba, wayar kanta suka riƙe daga nesa.

Abin da aka faɗa mini da baki gajere ne: 30,000 duk ranar 5 ga wata, sau shida. Da na zauna a shago da biro sai lissafin ya fito sosai. In an raba 126,000 gida shida, 21,000 ke nan, ita ce uwar kuɗi. Sauran 9,000 da ke kai kowane wata ƙari ne na kamfani. Sau shida ya zama 54,000, daidai da abin da na ajiye a farko. Wayar 180,000 za ta tsaya mini a 234,000. In aka auna da farashin wayar, ƙarin kashi 30 ne cikin 100, kuma haka masu tallar ke son a auna shi. Amma ni ba 180,000 na ranta ba, 126,000 ce, kuma 54,000 a kan 126,000 ya kusa kashi 43 cikin 100 a wata shida kacal. Akwai wani abu kuma da ba ya fitowa sai an lura: ƙarin ba ya raguwa yayin da bashin ke raguwa. A watan farko 9,000 nake biya a kan 126,000. A watan ƙarshe, lokacin da 21,000 kaɗai ta rage a kaina, 9,000 ɗin nan dai zan biya. Duk da haka na ga zan iya, domin azumi na tafe, kuma ɗinkin sallah shi ne kakar tela.

Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gunsa bayan magariba. Ya ce sayar da kaya da tsada saboda jinkirin biya halal ne a wurin mafi yawan malamai, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun farko, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Amma wannan matsaya ɗin ita ce kuma ta hana a ƙara wa mutum kuɗi don ya makara. Sai ya tambaye ni, "To kamfanin nan, sayen wayar ya yi ya sayar maka, ko kuɗi ya ranta maka ka saya?" Takardar da na sa wa hannu lamuni ta kira shi. Wanda wannan batu ya dama, gara ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa kafin ya sa hannu, domin amsar tana cikin rubutun, ba a bakin mai talla ba.

Biya na farko da na biyu sun wuce lafiya, aiki ya yi yawa har muna kwana a shago. A cikin azumin ne ma na ƙara ɗaukar wani nauyin. Wuta ba ta zama, guga da injin wibin kuma ba sa jira, sai na ɗauki ƙaramin janareta a wani babban kanti a kan 160,000, da wani tsarin na daban: a biya sau huɗu, 40,000 a ranar, sauran uku duk 12 ga wata, babu ƙari in an biya a kan lokaci. Sharaɗinsu shi ne in haɗa katina, su riƙa cire kuɗin da kansu. In cirar ta ƙi, tarar 5,000 ce a dunƙule. Kowane ɗaya cikin biyun mai sauƙi ne in an dube shi shi kaɗai. Da aka haɗa su, 70,000 ke jirana kowane wata a cikin mako guda, kafin kuɗin haya, kafin cefane, kafin man janaretan kansa.

Tsakanin ƙaramar sallah da babba akwai wasu makonni da kasuwar ɗinki ke kwanciya. Mutane sun kashe kuɗinsu, wasu ma ba su gama biyan ɗinkin da suka karɓa ba. A nan biya na uku na waya ya faɗo. Ranar 5 ga wata ba ni da 30,000. Saƙonnin tuni sun fara shigowa tun kafin ranar, cikin ladabi. Bayan ta wuce, sai wani rubutu ya riƙa rufe fuskar wayar duk lokacin da na buɗe ta, in ture shi ya tafi. Bayan kwana uku ya daina tafiya. Wayar ta kulle. Abin da ya rage a fuskarta shi ne adadin da ake bi na, da lambar asusun da zan biya, da wurin kiran kamfanin da na kiran gaggawa. Babu WhatsApp, babu hotunan samfur, babu manhajar banki, babu littafin awon da nake ajiyewa a ciki.

Wannan kullewa ita ce ta bambanta bashin waya da sauran basussuka ga mai sana'a. Abin da zan nemo kuɗin biya da shi, shi aka rufe. Na cire layina na sa a ƙaramar waya mai madannai, ana samuna a kira, amma macen da ta turo hoton ɗinki ta ga kwana biyu ba a buɗe ba, ba za ta kira ba, wani telan za ta tura wa. Daga baya wata tsohuwar mai ba ni aiki ta ce mini, "Malam, ai na ɗauka ka bar sana'ar ne, anko na mutum takwas na kai wani wuri." Wannan asara ba ta cikin takardar kowa, amma ta fi duk tarar da na biya.

Tarar kuma tana tafiya. A takardata kashi 1 ne cikin 100 na abin da aka makara da shi, kowace rana, wato 300 a kan 30,000. Kwana ukun da aka bari kafin kullewa ba na yafiya ba ne, tun ranar 6 ga wata ake ƙirgawa. Naira 300 ba ta da ban tsoro, kuɗin ruwan leda ne da ɗan abin taɓawa. Shi ya sa mutum ke cewa bari dai zuwa jibi.

Na yi ta tarawa a asusuna na banki, da ɗan gyaran kaya da abin da masu tsohon bashi suka kawo, har daren 11 ga wata ya kai 41,000 da 'yan kai. Lissafina shi ne da safe in je wurin mai POS in biya 30,000 da tarar kwana bakwai, 2,100, a buɗe mini waya, sannan in nemi na janareta. Kafin in fito daga sallar asuba saƙon banki ya shigo ƙaramar wayar: an cire 40,000. Masu janareta ba su yi laifi ba, ranarsu ce, kuma ni na ba su izini. Amma a nan na ga yadda bashi biyu ke cin juna. Wanda ke da katinka shi ke fara ɗiba, ko da ɗayan ne ya fi ƙona ka. Ba kai ke zaɓar wanda za a fara biya ba.

Sai ranar 25 ga wata na sake haɗa 20,000. Kwana ashirin ke nan da makara, tara ta kai 6,000, abin da ake bi na ya zama 36,000. Na tura 20,000 ɗin da tunanin cewa saura 10,000 cikin kason watan. Da adadin ya sauya a fuskar wayar sai na ga 16,000. Na kira lambar kamfanin, wani saurayi ya yi mini bayani a natse: duk kuɗin da ya shigo, tara ake fara cirewa, abin da ya saura shi ke tafiya kan kason wata. Wato 6,000 ta tafi tara, 14,000 ce kawai ta taɓa bashin. Na tambaye shi ko za a buɗe wayar tunda na biya fiye da rabi, ya ce na'ura ce ke buɗewa, kuma ba ta buɗewa sai abin da aka makara da shi ya koma sifili. Wannan tsari na fara cire tara yana cikin takardar, a can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma a ganina shi ne layin da ya fi kowane muhimmanci a cikinta. Ya kamata a ce wakilansu da baki suke faɗa wa mutum shi, da Hausa, kafin a buɗe kwali.

Daga nan abin ya fara hawa kan juna. Ragowar 16,000 tana jawo 160 kullum, kwana goma zuwa 5 ga sabon wata ya zama 1,600. A ranar kuma biya na huɗu ya iso, wata 30,000. Jimla 47,600. Tunda yanzu abin da aka makara da shi 46,000 ne, tarar kullum ta tashi daga 160 zuwa 460. Mako ɗaya a gaba, 12 ga wata, bashin waya zai kai 50,820, kuma a ranar ne masu janareta za su zo ɗaukar 40,000 ɗinsu ta ƙarshe. Wata da aka saba biyan 70,000 ya koma 90,820, ga mutumin da aka rufe wa hanyar samun aiki tun wata guda da ya wuce. Ban ƙi biya ba ko sau ɗaya, cikin wannan lokaci ma na fitar da 60,000, amma wayar tana nan a kulle.

A wannan tsakanin ne aka fara kiran mutanen da na bayar da lambarsu. Yayana ya zo shago da kansa, bai zauna ba. Ya ce, "Kai, wane irin bashi ka ci da har ake kirana ina wurin aiki?" Na ce, "Yaya, na waya ne, kuma ina kan biya." Na nuna masa lissafin a takarda. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ai shi da aka kira shi ranar farko ya ɗauka shaida kawai ake nema cewa ya san ni. Gaskiyarsa ne, bai sa hannu a komai ba, kuma ba a ce ya biya ba. Amma kiran kaɗai ya isa ya taɓa mutuncin mutum a gida, kuma kamfanonin sun san haka.

Shawarwari biyu aka kawo mini a layinmu, duka na ƙi su. Ta farko, in kai wayar a yi mata filashin. Wani mai gyara da na yarda da shi ya ce kada in ɓata kuɗina: kullen yana haɗe da lambar IMEI, ko an goge komai, da zarar wayar ta hau intanet zai dawo, kuma bashin yana kan BVN ɗina ko wayar ta faɗa rijiya. Ya ƙara da cewa irin waɗannan wayoyi ne wasu ke sayarwa da araha suna cikin biya, mai saye ya yi mako biyu yana murna, rana ɗaya ta kulle a hannunsa da bashin wani. Duk mai sayen waya ta hannu ya nemi rasit da shaidar an gama biya. Shawara ta biyu ita ce in ranta a manhajojin ba da rance na take-yanke in toshe wannan ramin. Na ga abin da ya sami wani maƙwabcin shagona da ya bi wannan hanya: wa'adin mako ɗaya ko biyu, ƙari mai nauyi, sannan saƙonnin cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayarsa. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista da ita tun 2022, kuma tana karɓar ƙorafi a kan masu tozarta mutane. Amma ko da mai rajista ne, rancen mako biyu ba ya maganin bashin wata shida.

Abin da ya fitar da ni lissafi ne da adashi. Na ajiye basussukan biyu gefe da gefe na tambayi kaina wanne ne jinkirinsa ya fi tsada. Na janareta tararsa 5,000 ce sau ɗaya, kuma ba mai iya kashe janareta daga nesa. Na waya 460 ne kullum, cikin kwana goma sha ɗaya ya wuce 5,000 ɗin, ga kuma ɗinkin babbar sallah da ke wuce ni. Amsar a fili take. Muna da adashi na teloli a layinmu, kwasata sai bayan sallah. Na je wurin uwar adashin na ce, "Hajiya, alfarma nake nema, a musanya mini kwasa da wanda ke gabana in ya yarda." Ta yi magana da shi, ya amince. Na roƙa a ba ni kuɗin a hannu, kada a tura asusuna, domin na riga na ga abin da ke faruwa da kuɗin da ya kwana a can. Kafin ranar na kira masu janareta na gaya musu cirar za ta ƙi, na faɗi lokacin da zan biya, suka rubuta. Ranar 12 na je wurin mai POS na tura 50,820 kai tsaye zuwa lambar asusun da ke fuskar wayar, na karɓi rasit. Ba ta buɗe nan take ba, sai da na haɗa ta da intanet ɗin wani, domin umarnin buɗewa ta nan yake zuwa. Wanda datarsa ta ƙare yana cikin kulle zai iya biya ya zauna yana jira a banza.

Na janareta na biya shi 45,000 da kuɗin ɗinkin sallah. Biya na biyar da na shida na waya kuwa, tun kafin ranar 5 nake turawa, duk abin da ya shigo in rage wani abu, domin na tambaya an tabbatar mini ana karɓar biya gutsi-gutsi kafin wa'adi ba tare da tara ba. Da na haɗa komai, tarar waya ta kama 10,820, ta janareta 5,000. Wayar 180,000 ta tsaya a 244,820.

Biyan ƙarshe ba shi ne ƙarshen aiki ba. Na nemi su turo mini shaidar kammala biya a rubuce, na tabbatar manhajar kullen ta sauka daga wayar, na kuma je banki na sa aka duba cewa babu sauran izinin cirar kuɗi da ke rataye a katina. Saura guda, wanda yawancinmu ba mu san da shi ba. A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke ajiye tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma masu ba da lamuni suna kai musu rahoton wanda ya biya da wanda ya makara. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba mutum damar neman rahotonsa, ya kuma ƙalubalanci abin da aka rubuta ba daidai ba. Na nemi nawa. Bashin wayar yana ciki, an rubuta an gama biya, an kuma rubuta cewa an makara a wata biyu. Shi zan riƙa tafiya da shi duk ranar da na je neman jarin sabon keken ɗinki a banki, tare da takardar kammala biya da na ajiye a cikin littafin awo.